An Rufe Tashar Kasuwancinka ta YouTube? Ga Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Bibiya

Yawancin wasiƙun da ƙananan 'yan kasuwa ke aika wa sashen taimako na YouTube bayan an rufe musu tasha ba sa haifar da komai, kuma sau da yawa ba rashin gaskiya ke jawo haka ba. Mai wasiƙar yakan cika ta da roƙo da rantsuwa da labarin iyalin da ke ci daga tashar, ya manta da abubuwa uku ko huɗu da ma'aikacin da zai karanta yake nema: wace tasha ce, yaushe abin ya faru, me aka riga aka yi, kuma me ake so yanzu. Ma'aikacin nan bai san ka ba, bai san Kantin Kwari ba, kuma ƙorafe-ƙorafe ne jibge a gabansa. Idan bai iya gano fayil ɗinka daga layukan farko ba, amsar da aka riga aka tanada zai turo maka, ka koma jira.

Kafin a ɗauki biro, sai an san wace irin rufewa ce, domin kalmar "an rufe min tasha" tana ɗauke da abubuwa mabambanta. Kamar shago ne. Wanda ɓarawo ya canza wa kwaɗo daban, wanda hukuma ta garƙame daban, wanda wani ya kai ƙara cewa kayansa ne a ciki shi ma daban, kuma kowannensu da ƙofar da zai je ya ƙwanƙwasa.

Na farko shi ne kutse. Tashar YouTube a jikin asusun Google take rataye, wato imel ɗin Gmail da aka buɗe ta da shi. Idan wani ya shiga asusun ya canza kalmar sirri da lambar waya, tashar tana nan a raye amma ba a hannunka ba. Na biyu shi ne hukuncin karya ƙa'idojin dandalin. A tsarin da aka saba, laifin farko gargaɗi ne. Daga nan sai maki na farko, wanda ke hana ka ɗora bidiyo na mako ɗaya; na biyu cikin kwana 90 ya hana ka na mako biyu; na uku cikin waɗannan kwanaki 90 ɗin sai a cire tashar baki ɗaya. Laifi mai girma kuwa, kamar damfara, ana iya rufe tasha a kansa nan take ba tare da an bi waɗannan matakai ba. Na uku shi ne haƙƙin mallaka: mai waƙa ko mai fim ya shigar da ƙorafi a hukumance cewa ka ɗora kayansa, kuma idan irin wannan maki ya kai uku tashar tana iya tafiya. A wannan na ukun, wasiƙar roƙo ga sashen taimako ba ta da wani tasiri sosai, domin YouTube ba shi ne mai ƙara ba. Ko dai ka sasanta da mai kayan ya janye ƙorafinsa, ko ka jira makin ya faɗi bayan kwana 90 idan ka kammala ɗan darasin haƙƙin mallaka da suke bayarwa, ko ka shigar da martani na shari'a idan kana da tabbacin kayan naka ne, shi kuma mai ƙorafin yana da kwanakin aiki 10 ya nuna ya kai maganar kotu.

Yadda za ka gane wanne ne ya same ka ba shi da wahala. Idan kalmar sirrinka ta daina aiki, ko Gmail ɗin kansa ya ƙi buɗuwa, kutse ne ko matsalar asusun Google. Idan Gmail yana buɗuwa amma tashar ta ɓace, duba akwatin saƙonni, har da na tarkace, za ka tarar da saƙon YouTube da ya faɗi dalilin rufewar.

Wanda ya fi rikitarwa shi ne idan na farko da na biyu suka haɗu, kuma a kansa za mu tsaya. Mu ɗauki misalin wata mai sayar da turaren wuta da humra a Kano. Tana da tasha mai mabiya kamar dubu shida, tana nuna yadda ake jiƙa itacen turare da yadda ake haɗa kwalacca, lambar wayarta kuma tana ƙarƙashin kowane bidiyo. Kuɗin tallan da YouTube ke biyanta bai taka kara ya karya ba. Ainihin cinikin daga masu kallo yake zuwa, waɗanda ke kira daga Kaduna da Maraɗi da Yamai su yi odar kayan amare. Ƙaninta ne ke tace mata bidiyo a kwamfutarsa. Ranar Litinin da dare imel ya shigo daga wani da ya ce shi wakilin kamfani ne da ke son ba ta talla, ya haɗo da fayil wai yarjejeniya ce. Ƙanin ya sauke, ya danna, bai ga komai ya buɗe ba, ya rufe kwamfuta ya kwanta. Da safe an canza wa tashar suna da hoto, an ɓoye bidiyoyinta duka, ana watsa wani shiri kai tsaye na damfarar kuɗin kirifto. Kafin Laraba YouTube ya rufe tashar saboda damfara.

Mutane sukan yi mamakin yadda haka ke faruwa ga wanda ya saka tabbatarwa ta mataki biyu, wato lambar da ake turowa a waya. Abin da fayil ɗin ke sata ba kalmar sirri kaɗai ba ce. Idan ka shiga asusunka a burauza, ana ajiye wata 'yar shaida a kwamfutar wadda ke nuna cewa an riga an tantance ka, shi ya sa ba a tambayar ka kalmar sirri kullum. Wannan shaidar ɓarawon ke kwafa ya saka a tasa kwamfutar, sai a ɗauke shi tamkar kai ne. Sashen binciken barazana na Google ya fitar da rahoto a kan wannan dabara a watan Oktoban 2021, kuma a watan Maris na 2023 da ita aka ƙwace babbar tashar nan ta fasaha, Linus Tech Tips, aka canza mata suna zuwa Tesla, aka watsa damfarar kirifto, har YouTube ya sauke ta. Su an dawo musu da tasu cikin kusan kwana guda, amma su suna da mabiya sama da miliyan 15 da kuma mutanen da za su kira kai tsaye. Mai turare ba ta da kowa sai abin da ta rubuta.

Aikin farko ba wasiƙa ba ne. Sai an fara ƙwato asusun Google, domin ba za a damƙa tasha ga wanda ba shi da iko da imel ɗin da ke riƙe da ita ba. Ana yin wannan a shafin `g.co/recover`, kuma ya fi kyau a yi shi da wayar da aka saba shiga asusun da ita, a gidan ko shagon da aka saba, domin Google yana la'akari da na'ura da wuri. Gaggawa tana da amfani a nan: idan an canza lambar waya ko imel na ceto, Google yakan iya ci gaba da tura lambar tabbatarwa zuwa tsohon har tsawon kwana 7. Wanda ya zauna yana jimami har mako ya wuce ya rasa wannan damar. Kwamfutar da cutar ta shiga kuwa, kada a sake shiga asusun da ita sai an goge ta an sake mata manhaja, in ba haka ba ɓarawon zai sake kwashe sabuwar shaidar.

A nan ne da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ke maƙalewa, kuma ba laifin ɓarawo ba ne. Imel ɗin wani yaro ne ya buɗe maka shi a kasuwar waya ta Farm Centre ranar da ka sayi wayar, ya saka lambarsa ko wata da ka daɗe da yarwa. Ko kuma layin yana cikin waɗanda aka toshe lokacin haɗa layuka da lambar NIN, ba ka je ka gyara ba, har kamfani ya sake sayar da shi ga wani. Idan layin naka ne kuma yana kan sunanka, je ofishin kamfanin waya a yi maka welkom bak kafin komai.

To, a ce mai turare ta yi sa'a ta ƙwato imel ɗinta ranar Alhamis, ta cike fom ɗin ɗaukaka ƙara, ta kuma tuntuɓi sashen taimakon masu tashoshi. An turo mata saƙo mai ɗauke da lambar ƙorafi. Kwana goma sha biyu shiru. Ga irin wasiƙar da akan rubuta a wannan hali:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Don Allah don Annabi ku taimaka ku buɗe min tashata, wallahi ban yi komai ba, da ita nake ciyar da marayu. Na turo muku saƙo ya fi sau goma ba ku amsa ba. Ku ji tsoron Allah."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma da maƙwabcinta ta rubuta wa da ya wadatar. Amma babu sunan tasha a ciki, babu kwanan wata, babu lambar ƙorafi. Mafi muni, "ban yi komai ba" ba ta amsa tuhumar da ke gaban mai dubawa ba, domin shi abin da yake gani a na'urarsa shi ne lallai an watsa damfara daga tashar. Abin da za a nuna masa shi ne cewa a sa'ar da aka watsa ta, tashar ba a hannun mai ita take ba. Ga yadda ya kamata ta kasance:

"Barka da aiki. Ina bibiyar ƙorafina mai lamba kaza, wanda na shigar ranar 6 ga Maris a kan tashata mai wannan adireshi. Ni ce mai tashar tun 2021, kuma imel ɗin da nake rubutowa da shi shi ne ke riƙe da ita.

"Ranar 3 ga Maris, wajen ƙarfe 10 na dare agogon Najeriya, an buɗe wani fayil da ya zo ta imel da sunan tayin talla. Ranar 4 ga Maris da safe na tarar an canza kalmar sirri, da sunan tashar, da hotonta, an ɓoye bidiyoyina, ana watsa shiri kai tsaye wanda ba ni na saka ba. Ranar 5 ga Maris aka rufe tashar. Ranar 6 ga Maris na ƙwato asusun Google ɗina, na canza kalmar sirri, na fitar da duk na'urorin da ban sani ba, na kuma goge kwamfutar da abin ya shafa. Kafin wannan tashar ba ta taɓa samun maki ko gargaɗi ba.

"Na haɗo da hoton saƙon da Google ya turo min cewa an shiga asusuna daga wata na'ura, da na imel ɗin da ya kawo fayil ɗin, da na saƙon rufewar.

"Ina neman sanin abu biyu. Shin an miƙa ƙorafin ga masu binciken kutse, ko har yanzu ana duba shi a matsayin karya ƙa'ida? Sannan akwai wata shaida da kuke buƙata daga gare ni? Da wannan tasha nake samun masu sayen kayana, kuma yau kwana 12 ke nan ina jira. Na gode."

Lambar ƙorafin ita ce ginshiƙin wasiƙar. A saƙonnin Google ana kiran ta Case ID, tana zuwa a kan layin taken imel cikin baka, lamba ɗaya da ɗan layi sannan jerin lambobi, mai kama da wannan:

```
[1-2345678901234]
```

Abin da ya fi dacewa shi ne ka danna amsa a kan wannan saƙon da suka turo, ba ka buɗe sabon ƙorafi ba. Kowane sabon ƙorafi sabuwar lamba yake samu, ya faɗa hannun wani ma'aikacin da zai sake tambayar ka komai daga farko. Mai turo saƙo goma ba ya matsawa gaba. Yana warwatsa shaidarsa ne a fayiloli goma.

Adireshin tashar ma akwai wanda ake so. Sunan da ke farawa da alamar @ ɓarawo yana iya canza shi, kuma yakan canza. Wanda ba ya canzuwa shi ne lambar shaidar tashar, mai harufa da lambobi 24, wadda ke farawa da UC:

```
youtube.com/channel/UC...
```

Idan tashar ta riga ta ɓace kuma ba ka taɓa rubuta wannan lamba ba, bincika tsofaffin saƙonnin YouTube a imel ɗinka, ko tarihin burauza, ko adireshin da ka taɓa tura wa abokan ciniki a WhatsApp. Ko adireshin bidiyo guda ɗaya ka samu ya fi babu.

Kwanakin wata su ne hujjarka. Google yana da tarihin shiga asusunka, da na'ura da ƙasar da aka shigo daga ciki. Idan ka ce ranar kaza da dare aka yi kutse, mai bincike zai je daidai wurin ya ga baƙuwar na'ura ta shigo, kuma bayan ta ne aka fara watsa damfarar. Ka ambaci agogon ƙasarka, domin mai karantawa yana iya kasancewa a wata nahiya. Kuma kada ka ɓoye cewa wani naka ne ya buɗe fayil ɗin. Wasu suna jin kunyar faɗa, suna tsoron a ce sakacinsu ne, alhali wannan bayani shi ke nuna wa mai bincike irin kutsen da aka yi. Haka nan idan tashar ta taɓa samun gargaɗi, kada ka rubuta cewa ba ta taɓa ba, suna gani.

Tambayar farko da ke ƙarshen wasiƙar ita ce mafi amfani a ganina, domin irin wannan ƙorafi yakan ɓata ne idan aka duba shi a matsayin ɗaukaka ƙara na yau da kullum. Mai dubawa ya ga bidiyon damfara, ya ga ya saɓa ƙa'ida, ya tabbatar da hukuncin, ba tare da ya kalli wanda ke riƙe da asusun a lokacin ba. Tambayar "ina aka kwana?" kuwa amsarta guda ce kullum, wato ana kan dubawa. Ka yi tambayar da za a iya amsa ta da e ko a'a. Maganar ciniki ta samu layi ɗaya, ya isa. Wanda ke karɓar kuɗin talla zai iya ƙara tambaya ko an taɓa asusun AdSense da ke haɗe da tashar, musamman idan ranar biya ta matso, tunda tsakanin 21 da 26 ga wata ake turawa ga wanda kuɗinsa ya kai dala 100.

Abin da ba ya shiga wasiƙar: kalmar sirri, lambar tabbatarwa, lambar katin banki. Ma'aikacin gaskiya ba zai nemi ko ɗaya ba. Barazanar kai ƙara kotu da zagi su ma ba sa saurin da komai. Ka tsara wasiƙar da Hausa yadda tunaninka zai fito daidai, sannan wanda ka amince da shi ya mayar da ita Turanci, ko Faransanci ga mutanen Nijar da Chadi, ya kuma bar lambobi da kwanaki yadda suke.

Ina ake aikawa? Ya danganta da matsayin tashar. Waɗanda ke cikin tsarin raba kuɗin talla, wanda cikakken shigarsa ke buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, suna da damar magana da sashen taimako ta imel ko hira. Ƙaramar tasha da ba ta kai nan ba sai ta dogara da fom ɗin ɗaukaka ƙara da ke cikin saƙon rufewa, da shafin taimako na YouTube a kan tashoshin da aka yi wa kutse, da kuma @TeamYouTube a dandalin X. A can gajeren saƙo ake so: adireshin tasha da jimla biyu. Kada ka baza imel ɗinka ko lambar wayarka a fili.

Da zarar ka yi wannan rubutu a fili, wasu za su yi maka ca, kowa da "ƙwararren" da ya taimake shi, wai a tura masa dubu ashirin ya buɗe tashar cikin awa guda. Babu wani mutum a waje da ke da mabuɗin tashar da YouTube ya rufe. Waɗannan kashi na biyu ne na ɓarayin, kuma wanda ya ba su kalmar sirri ya mayar da hannun agogo baya.

Akwai wani kuskuren da ke kama da dabara. Ɗan kasuwa ya ga jira ya yi tsawo, sai ya buɗe sabuwar tasha ya sake ɗora bidiyoyinsa. Ƙa'idar YouTube ta hana wanda aka rufe wa tasha ya buɗe wata ko ya yi amfani da wata don kauce wa hukuncin. Ana iya rufe sabuwar, kuma ƙorafin da kake bi ya ƙara dagulewa. Abokan ciniki dai a sanar da su ta WhatsApp ko Instagram cewa an yi kutse, kada su tura kuɗi ga duk wanda ya yi magana da sunan tashar, a ci gaba da ciniki ta can.

Amsar da za ta dawo iri uku ce. Idan an ce an miƙa maganar ga wata tawaga ta musamman, alama ce mai kyau. Ka ba su kamar mako guda kafin ka sake taɓa su, da layi biyu, a kan saƙon nan dai. Idan sun nemi ƙarin bayani ko sun turo fom, ka cika a ranar, domin ƙorafin da aka bari ba amsa akan rufe shi. Idan kuwa aka ce an duba kuma hukuncin yana nan, duba ko amsar ta ambaci kutse. In ba ta ambata ba, ka mayar da martani sau ɗaya, ka nuna cewa ba bidiyon kake karewa ba, cewa kake ba kai ka ɗora shi ba, ga kwanaki ga hotuna. In ta ambata kuma aka ce ba a ga alamar kutse ba, to hanya ta ƙuntata sosai, kuma maimaita wasiƙa ɗaya ba zai canza ta ba. Babu wa'adin da za ka riƙe su da shi, kuma wasiƙa komai kyanta ba ta dawo da tashar da mai ita da kansa ya cika da finafinan mutane.

Idan tasha ta dawo, akan tarar da ita a hargitse. A shiga YouTube Studio a duba jerin waɗanda aka ba izini a cire duk baƙon suna, a mayar da suna da hoto, a fito da bidiyoyin da aka ɓoye. Ƙani ko yaron shago da ke tace bidiyo a ba shi izinin edita da nasa imel ɗin, maimakon a miƙa masa kalmar sirrin mai tasha.

Kai kuma da taka tashar ke lafiya a yau, ka shiga ka kwafe lambar nan mai farawa da UC a littafin da kake rubuta bashi, ka duba lambar wayar da ke jikin asusun Google ɗinka ko taka ce kuma tana aiki. Idan ta yaron kasuwar waya ce, ka canza ta kafin ka kwanta.